Gonar Zabarmari a Fam Goma Sha Biyar

Ni Lauratu ba na son a ce mini "ki yi haƙuri, ɗan'uwanki ne." Na sani ɗan'uwana ne, ni na goya shi, ni na share masa majina. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Da bare ne ya yi mini wannan aika-aika, da tuni na tofar da yawu na wuce.

Ya'akubu ya bar Yerwa yana saurayi, shekara biyu bayan an gama yaƙin Turawa, da sanda da gora, wai zai tafi Makka a ƙafa. Aka ce shekara uku zai yi. Shekara goma sha huɗu ya yi. Ya tsinci auduga a gonakin Sudan, ya koyi ɗinki a wurin wani tela a Madani, ya haye teku ya yi aikin hajjinsa, ya koma ya ci gaba da ɗinkin. A bayansa Baba ya rasu, aka raba gado. Ni aka ba ni ɗakuna biyun nan na Bulabulin da nake ciki, shi kuma rabonsa ya faɗa kan gonar shinkafar Baba da ke fadamar Zabarmari. Aka ce in riƙe masa amana har ya dawo.

Na kuwa riƙe. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku, kuma da wannan gonar na raine su. Ni ke ɗaukar 'yan ƙodago, ni ke tsayawa a kansu lokacin yanka da sussuka, in kawo shanshera gida in turara, in shanya, in surfa, in dafa in sayar a ƙofar gida da miyar kifi. Abin da muke ci ke nan, da shi ake yi wa yaran sutura. Ranar da Ya'akubu ya dawo, a gaban mutane ya ce, "Yaya, ki ci gaba da nomanki, ni da ke ai ba ma rabuwa." Na ji daɗi har na yi ƙwalla. Allah wadaran wannan ƙwalla tawa.

Ya sauko daga babbar mota da akwatin ƙarfe ɗaya, da butar ruwan Zamzam, da gemu. Tun daga tasha ya zama Alhaji. Bayan an watse ya kira ni ɗaki ya kwance ɗamarar da ke ƙugunsa. Da aka canza masa kuɗin can zuwa namu, fam casa'in ya samu. Yana nuna mini yana murmushi kamar wanda ya taho da baitulmali.

Ya ce, "Yaya, da wannan zan sayi gida, in sayi jakai goma na dakon kanwa, in yi aure, in ajiye saura."

Na dube shi. Na ce, "Ya'akubu, nawa ka bar mudun gero?"

Ya ce, "Kwabo biyu."

Na ce, "To yau nai ne, kwabo tara, wani lokaci har sule. Ɗan ƙodagon da Baba ke ba nai a wuni, yanzu in ba ka ba shi sule uku ba, ko kallon fartanya ba zai yi ba. Kanwa kuma mota ke ɗauko ta, jakanka goma sai dai ka riƙa yi musu hira. Fam casa'in kuɗi ne, ban raina ba, amma jari ne na mutum ɗaya mai taka-tsantsan."

Ya yi dariya ya ce mu mata akwai son tsoratarwa.

Kwana uku da zuwansa ya ce zai yanka rago a yi walima. Na ce bari in aiki wanda ya san kasuwa. Ya ce a'a, shi da ya yi ciniki a Umdurman da Jidda, ragon kasuwar Gamboru ne zai gagare shi? Na yafa mayafi na bi shi, don ina da sayayyar kifi a can. Ya zaɓi wani rago fari mai kyau, wanda ko ni na san bai wuce fam uku da sule goma ba. Ya dafa bayansa, ya gyara murya, ya ce, "Na saya sule goma sha biyu."

Dillalin, wani Babarbare dogo mai zane a fuska, ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Wushe, Alhaji. Ragon kake tayawa ko igiyar?"

Kai, ranar an yi dariya. Har masu awaki suka taso su ga mutumin da ya taya rago sule goma sha biyu. Wani ya ce ai daga kabari ya fito. Na ga kunnuwan Ya'akubu suna rawa. Maimakon ya ce, "Ku yi haƙuri, na daɗe ba na gari, nawa ake sayarwa yanzu?" wanda da shi ke nan magana ta mutu, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro fam biyar ya jefa wa dillalin, ya ce a kai masa gida. Nan take masu dariya suka koma "Ranka ya daɗe, Alhaji!" Ya tafi yana baza riga. Tun daga wannan rana bai sake tambayar kowa kuɗin komai ba. Abin da aka faɗa masa ya biya, in bai biya ba ya ce ɓarayi ne.

Labarin fam biyar ya zaga unguwa kafin ragon ya iso gida. Sai ga masu shawara, kamar ƙuda a kan tsokar nama. Zauren gidana ya zama majalisa, ni ke dafa abin da suke ci, ina jinsu ta bayan zana. Wannan ya ce goro, a sayo daga Kano a kai Cadi. Wancan ya ce fatu. Wani ya ce ya buɗe kanti, wani ya ce injin niƙa, alhali fam casa'in ɗin ba za su kafa injin ba, balle a kai ga mai da ɗakin da za a sa shi. Wani tsoho da ban taɓa ganinsa ba ya ce yana da 'ya bazawara mai hankali. Kowa da shawararsa, kuma in ka bi kowace shawara zuwa ƙarshenta sai ka tarar da aljihun mai ba da ita a buɗe yana jira. Ga maroƙa, ga masu zuwa karɓar tsarabar Makka, mutumin da bai taho da komai ba sai Zamzam da 'yan tasbahohi. Da suka ƙare sai ya koma ba da sulalla. Ya ɗinka babbar riga biyu, shi da yake tela, a wurin wani telan. Cikin mako uku fam ashirin da biyar sun bi iska.

Mutum ɗaya ne ya faɗa masa gaskiya ban da ni. Manasse, maƙwabcinmu, mutumin wajen Biyu ne, akawu a wani kantin Turawa, Kirista, matarsa Naomi ƙawata ce. Ya shigo da yamma bayan an tashi daga aiki, na shimfiɗa masa tabarma, na zauna daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Alhaji, ni ba ni da abin sayar maka, don haka ka saurare ni. Ka kai fam hamsin da biyar gidan waya a buɗe maka littafin ajiya, ka riƙe goma a hannu. In an zo roƙo ka ce kuɗi na hannun gwamnati. Sannan wata guda cur kada ka sayi komai mai tsada, kada ka sayar da komai. Ka riƙa bin Lauratu kasuwa, ka ji yadda ake taya gero, da yadi, da hayar rumfa, da kuɗin mota. Kowane abu ka ji bakin mutum uku kafin ka yarda."

Na ce, "Faɗa masa dai, Malam Manasse."

Ya ce, "In wata ya cika, ka sayi keken ɗinki. Fam talatin za ka samu sabo. Sana'arka ce, ba wanda zai cuce ka a cikinta. Ɗinkin jallabiya irin ta Sudan ba kowa ya iya shi a nan ba, Shuwa kuma suna so. Ka kama rumfa a Kasuwar Litinin, ka sayi yadi kaɗan, sauran kuɗin su zauna saboda rana."

Wallahi da an sa wannan magana a faranti da na cinye. Ya'akubu ya ci gaba da jan tasbaharsa. Da Manasse ya fita sai ya ce, "Yaya, shekara goma sha huɗu ina taka keken wani. In dawo garinmu ina Alhaji, in zauna ina taka keke, ina bin mace kasuwa da kwando ina tambayar kuɗin daddawa? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Mutanen da ke cinye maka kuɗi?"

Ya tashi ya bar mini wurin.

Sai Hamisu. Hamisu ɗan ƙanin Baba ne, dillalin banda a Gamboru, wato busasshen kifin nan mai hayaƙi da ake kawowa daga Baga. Duk shekarun da na yi ina fama da marayu bai taɓa leƙo ni da ko kan tarwaɗa ba. Amma yanzu kullum yana zaure, da turarensa da haƙorinsa ja na goro. Shi bai yi gaggawa ba. Ya bar sauran suka gama haushinsu, shi yana gefe yana "Alhaji ya fi mu sani," "Alhaji ya ga duniya." Na tsani wannan murya tasa, mai santsi kamar miyar kuɓewa.

Abin da ya kawo shi ne, ana haɗa lodin mota guda na banda zuwa Jos, mutum huɗu, kowa fam tamanin. Wai saura gurbi ɗaya, kuma ya hana wani Inyamuri saboda ɗan'uwa ya fi bare. Ba zama a rumfa, ba taka keke, Alhaji yana zaure riba za ta same shi. Ya'akubu ya yi lissafinsa da kuɗin motar da ya sani tun kafin ya tafi, ya ga riba har ta yi masa yawa. Sai dai fam sittin da biyar ne suka rage masa. Saura goma sha biyar.

Duk wannan ban sani ba sai daga baya. Abin da na sani, wata Laraba da hantsi ina tsakar gida ina juya shinkafa a kan tabarma, sai ga Ya'akubu ya shigo yana dariya shi kaɗai, har yana tafa hannu.

Ya ce, "Yaya, yau na yi ciniki. Ashe Hamisu duk wayonsa a banda ya tsaya. Kin san nawa Baba ya sayi gonar Zabarmari? Fam huɗu, ina wurin aka biya. Yau na sayar wa Hamisu ita fam goma sha biyar. Kusan ninki huɗu! A gaban bulama, mai garin Zabarmari, da shaidu, don kada ya farga ya ce ya fasa."

Ƙwaryar da ke hannuna ta faɗi. Na ce, "Ka sayar da me?"

Ya ce, "Kada ki damu. In riba ta zo zan saya miki wadda ta fi ta, biyu ma."

Na ce, "Ya'akubu, bara aka sayar da ta gefenmu, wadda ba ta kai tamu samun ruwa ba, fam sittin. Tamu an taya ni saba'in na ce amana ce. Saba'in! Kai ɗan fam huɗu, wa ka tambaya? Ni da nake cikin gonar shekara goma sha ɗaya, ina bayan zana, taku biyar tsakaninmu, ka kasa buɗe baki ka tambaye ni?"

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Amma kun san abin da ya ce? Ya ce, "Ƙarya ne. Wa zai ba da fam saba'in a kan taɓo?"

Ranar na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, har Naomi ta tsallako ta riƙe ni. Na yafa mayafi na nufi Gamboru. Na sami Hamisu a kan buhu cikin warin banda, ƙudaje na bin sa. Na ce, "Hamisu, ba ka ji kunyar Allah ba? Abincin marayu?" Ya buɗe hannuwa ya ce, "Haba Lauratu, ni na taya, mai abu ya ce ya sallama. Na sa masa wuƙa a wuya? Ki tambayi bulama." Yana maganar yana ɓare goro.

Bayan mako biyar motar banda ta je ta dawo. Hamisu ya zo da bayani tiryan-tiryan: kuɗin mota ya ninka abin da Ya'akubu ya zata sau uku, ga la'adar dillalai a can, ga 'yan dako, ga kwanduna da ƙwari suka cinye suka zama gari. Ban ce duk ƙarya ba ce, haka sana'ar banda take, wanda ya san ta yana sa wannan duka a lissafi tun kafin ya zuba kuɗi. Fam tamanin suka dawo sittin da biyu. Majalisar zaure ta watse kamar an yi ruwa. Ya'akubu ya kwana biyu bai fita ko masallaci ba.

Ni kuwa ban zauna ba, don damina na matsowa, zafin bazara ya kai inda ya kai, kowa na gyaran gona ni ba ni da inda zan gyara. Na je wurin Malam Abdulsalami, limamin unguwarmu, na zayyana masa komai. Ya saurara, ya yi mini tambayoyi, sannan ya ce akwai ƙofa.

Ya ce, "A shari'a, wanda aka yi wa mummunar ɓarna a ciniki yana iya neman a warware, da sharaɗi uku. Kada shekara ta wuce. Ɓarnar ta kai sulusin kuɗin abin ko ta fi. Sannan ya zama mai sayarwar bai san darajar abin ba lokacin da ya sayar. Biyun farko kuna da su. Na ukun kuwa ba ke za ki faɗa ba, don gonar ba taki ba ce. Shi zai kai ƙara, shi zai faɗa da bakinsa a gaban alƙali cewa bai sani ba. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu ba ya ƙasa, ba wanda zai yi mamaki. Sai ya mayar da fam goma sha biyar, a mayar masa da gonarsa."

Na dawo gida kamar in yi guɗa. Don kada ya ce kuɗinsa za su ƙara raguwa, na kwashe awarwaron azurfa da Inna ta bar mini na kai wa maƙeri, na haɗa da abin da na tara na ƙodago, suka cika goma sha biyar, na ɗaure a bakin zane. Na shiga ɗakinsa na durƙusa, ni babbar yayarsa, na durƙusa wa yaron da na goya.

Na ce, "Ya'akubu, kalma uku ce. Ban sani ba. Ba zagi ba ce, ba sata ba ce. Ka faɗe ta sau ɗaya, yaran nan su ci abinci."

Ya yi kuka, wallahi ya yi kuka. Ya ce, "Yaya, na cuce ki. Zan faɗa." Manasse ya zo ya ƙara masa ƙarfi, ya ce ko Bature in ya dawo daga hutu sai ya tambayi kukunsa kuɗin ƙwai. Muka yi dariya mu uku. Ya'akubu ya kai ƙara, aka sa rana.

Ranar Alhamis da safe muka tafi. Ya sa babbar rigar nan tasa, ya naɗa rawani. Da na ga rawanin gabana ya faɗi. Ɗakin shari'a cike, don labari ya bazu, har da 'yan majalisar zaurena da suka ɓace, duk sun zo kallo. Ni ina daga baya wajen mata.

Alƙali dattijo ne mai natsuwa, bai yi wa kowa tsawa ba. Ya kira manoma biyu na Zabarmari da suka san fadamar, ya tambaye su darajar gonar. Ɗaya ya ce saba'in, ɗaya ya ce ba ta kasa sittin da biyar ba. Aka tabbatar wata biyu ne da cinikin. Bulama ya ce lallai a gabansa aka yi, fam goma sha biyar. Komai na tafiya daidai. Sai aka ba Hamisu dama.

Bai musa komai ba, munafukin. Ya durƙusa ya sassauta murya. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni ba zan yi jayayya da yayana ba. In ya ce bai sani ba, a karɓi gona. Abin da ya ba ni mamaki kawai, Alhaji ne fa. Mutumin da ya yi ciniki a Umdurman, ya yi a Jidda, ya ga abin da mu ba mu gani ba. Ni ɗan banda ne zan san abin da bai sani ba? Ni na ɗauka alheri ya yi mini irin na manya. Amma in ashe bai san kuɗin abu ba ne, kamar dai ranar rago, to..."

Ya bar maganar a nan. Wani daga baya ya ce, "Ragon ko igiyar?" ƙasa-ƙasa. Dariya ta ɗan tashi, ɗan doka ya tsawatar, ta kwanta. Daga inda nake ina hango ƙeyar Ya'akubu. Na ga ta miƙe.

Alƙali ya ce, "Alhaji Ya'akubu, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka amsa. Ranar da ka sayar da gonar nan, ka san abin da irinta ke yi a yau, ko ba ka sani ba?"

Na damƙe ƙullin kuɗin da ke bakin zanena. Ina faɗa a zuci, faɗi, faɗi, ɗan Inna, faɗi.

Ya gyara rawani. Ya waiga ya dubi mutanen da suka cinye masa rago, suka karɓe masa sulalla, suka guje shi ranar da banda ta dawo. Ni bai dube ni ba.

Ya ce, "Allah ya gafarta malam, na sani. Zumunci na duba."

Na miƙe na ce, "Ƙarya yake yi! Fam huɗu ya sani! Ku tambaye shi kuɗin mudun gero!" Matan da ke kusa suka ja ni ƙasa. Alƙali ya ɗaga hannu, ya sake tambayarsa, har ya ce masa ya yi tunani, rashin sani ba abin kunya ba ne ga matafiyi. Ya'akubu ya ƙara ɗaga murya ya ce ya sani sarai, matsin mata ne ya sa ya kawo ƙara. Alƙali ya dube ni, na ga ya gane komai. Amma me zai yi? Mai abu ya ce ya sani. Ya ce ciniki ya tabbata.

Zo ku ga waje. "Madalla da Alhaji!" "Haka manya suke!" "Gonar fam saba'in ya bar wa ɗan'uwa, kai, wannan ya sha Zamzam da gaske!" Hamisu ya rungume shi. Wani maroƙi ya tsinci kirari daga ƙasa ya fara zuba masa, kuma da idona na ga Ya'akubu ya sa hannu a aljihu ya ba shi sule biyu. Yana tafe a tsakiyarsu fuskarsa na sheƙi. Tir! Ban taɓa ganin abin ƙyama irin wannan fuska ba, kuma kamar tawa take, hancinmu ɗaya.

Na taho gida ni kaɗai ta bayan gari don kada in haɗa hanya da su. A ƙuryar ɗakina akwai buhu guda na irin shuka, wanda na zaɓa da hannuna zangarniya-zangarniya lokacin yanka, daga irin da Baba ya bari, kowace shekara ina ware na baɗi. Na jawo shi tsakar gida na farke bakin. Saude, babbar 'yata, ta ce, "Inna, iri ne fa." Na ce na sani, hura wuta. Muka jiƙa, washegari muka turara, muka shanya, muka surfa. Ranar Lahadi na dafa na fitar ƙofar gida, kwano sisi, kafin azahar ta ƙare.

Na rage kwano ɗaya na kai masa zaure, don har yau ban iya barin ɗan Inna da yunwa ba, kuma ina jin haushin kaina a kan haka. Yana zaune shi kaɗai, rawanin na rataye a ƙusa. Kwana uku ke nan ba mu yi magana ba. Ya ci loma biyu, ya ɗago kai yana neman hanyar shiri.

Ya ce, "Yaya, wannan shinkafar ta fi ta kullum daɗi."

Na ce, "Dole ta fi. Irin shukar bana ne. Ci a hankali, babu wata bayanta."

Hannunsa ya tsaya a cikin kwanon. Na juya na koma ciki wanke tukunya.